Saƙon ƙarfe sha ɗaya na dare: yaya zan rubuta mata ban yi azarɓaɓi ba?

Nura Tela: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman daga iyayenmu mata da yayyenmu da ke nan. Akwai yarinyar da nake nema da aure. An yi mini iso wajen mahaifinta, ya ba ni izini, na je zance ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, kuma ita da kanta ta ba ni lambarta. Tun ranar ban ce mata komai ba. Lokacin biki ne, ɗinki ya yi mini yawa, wutar unguwarmu kuma sai dare ake kawowa, ba na sauka daga kan keke sai wajen sha ɗaya. Da rana ko na ɗauki waya masu kaya na tsaye a kaina. Ga abin da na rubuta, ban tura ba tukuna:

"Slm masoyiyata. Kin yi barci? Na kasa barci saboda tunaninki. Gobe zan zo in sha Allah, ki shirya."

Wallahi har zuciyata haka nake ji, amma da na sake karantawa sai gabana ya faɗi. Ina so ta ji cewa na damu da ita, ba na so ta ga kamar na mayar da kaina mijinta tun yanzu.

Sadiq: Wa alaikumus salam. Malam Nura, tura kawai. Mace ba ta son namiji mai inda-inda. Mahaifinta ya ba ka izini, ita ta ba ka lamba, me kuma ya rage? Shirun da ka yi tun Juma'a ma ya fi wannan saƙon haɗari, yanzu haka tana can tana tunanin ka ganta ba ta yi maka ba.

Hafsat: Don Allah kar ka tura. Yaya Sadiq ya yi gaskiya a kan shirun, amma ba a kan saƙon ba. Ni in aka turo mini wannan bayan zuwa ɗaya, "ki shirya" ɗin nan kaɗai ya isa ya ɓata mini dare. In shirya a matsayin wa?

Anti Binta: Nura ƙanena, madalla da ka tsaya ka yi tambaya. Bari in bi saƙon naka ɗaya bayan ɗaya, domin kowace jimla a ciki akwai abin da ta ɗauka wanda ba a ba ka ba tukuna.

"Masoyiyata" ya yanke hukunci a madadinta. Kai ka san kana sonta, ita ba ta ce maka komai ba, ta dai fito ta saurare ka ta ba ka lamba. In ka kira ta da wannan sunan yau, ka bar mata hanya biyu ne kawai, ko ta karɓa tun ba ta shirya ba, ko ta gyara maka. Yarinya mai kunya ba za ta iya ko ɗaya ba, sai ta yi shiru, kai kuma ka kwana kana cewa ta ƙi ka.

"Kin yi barci?" tambaya ce da ba ta da amsa mai daɗi. In tana barci ka tashe ta. In idonta biyu kuma, amsawa na nufin ta yarda ta zauna hira da kai a wannan lokacin, tana kwance a ɗakinta. Yarinyar da ta san gidansu za ta yi tunanin abin da za ka ɗauke ta in ta amsa cikin minti ɗaya. Ka ga tambayar da kake gani ƙarama ta jefa ta cikin lissafi.

"Na kasa barci saboda tunaninki" kuwa ka ɗora mata nauyin barcinka. Yanzu ya zama wajibinta ta lallashe ka. Kuma ba gaskiya ba ce ma, aiki ne ya hana ka barci, ka faɗa mana da bakinka.

Na ƙarshen Hafsat ta riga ta faɗa. Sanarwa ka yi, ba neman izini ba.

Nura Tela: Anti, na gode. To in na cire duk waɗannan ai babu abin da ya rage sai sallama. Ba na so ya zama kamar saƙon da nake tura wa masu kaya cewa ɗinkinsu ya kammala.

Malam Sani: Ni a ganina maganar ba ta tsarin kalmomi ba ce, ta lokaci ce. Ku duba Suratun Nur aya ta 58. Allah ya ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana, da bayan sallar isha'i. In ɗan gida ke nan, ina ga baƙo? Kuma ya tabbata a hadisin Abu Barza cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Nura, ka haƙura ka tura bayan asuba. Babu abin da zai lalace kafin gari ya waye.

Ustaz Kabiru: Malam, hadisin haka yake, Allah ya saka da alheri. Sai dai Imamu Bukhari da ya kawo shi ya kuma kafa babi a kan hirar dare don ilimi, da wani a kan hira da baƙo da iyali, wato ba kowace magana bayan isha'i aka hana ba. Kuma saƙon rubutu ba shiga ɗaki ba ne, yana nan ajiye har mai shi ya ga dama ya buɗe.

Malam Sani: Ai ita ba iyalinsa ba ce tukuna, Ustaz. Nan ne gizo ke saƙa.

Ustaz Kabiru: Wannan gaskiya ne. Shi ya sa nake bambanta saƙo ɗaya da aka ajiye da hirar da za a ja har ƙarfe ɗaya. Na biyun ni ma ba na goyon baya.

Alhaji Idi Direba: Salamu alaikum. Ni dai shekara da shekaru ina kan hanyar Kano zuwa Legas, duk inda na yada zango, ko a Mokwa ko a Jebba, ko ƙarfe biyun dare ne sai na tura wa uwargida "Na sauka lafiya, ya yara, ki kwana lafiya." Ba ta taɓa cewa na takura mata ba. Ranar da ban tura ba ma ita ke kira. Ban ga abin wahala a nan ba.

Hafsat: Baba Alhaji, ai Hajiya matarka ce, jiran saƙon take yi. Shi zuwansa ɗaya gidansu.

Alhaji Idi Direba: Au, ashe ba a ɗaura ba. To Allah ya sa a yi da mu.

Anti Binta: Amin Alhaji. Amma kar a wuce saƙon Alhaji da sauri, akwai darasi a ciki. Ku duba, bai tambaye ta komai da sai ta tashi zaune ta amsa ba. Ya faɗi inda yake, ya tuna da abin da ke gabanta, ya yi mata addu'a, ya rufe. Ko ta gani da dare ko da safe, daɗinsa ɗaya ne. Wannan shi ne ma'aunin da nake ba duk mai tambayata: in saƙonka zai lalace idan aka karanta shi ƙarfe bakwai na safe, to bai kamata a tura shi sha ɗayan dare ba. "Kin yi barci?" da safe ya zama shirme. "Allah ya ba da sa'a a jarrabawar gobe" da safe ma yana nan da ransa.

Nura, ka ce in an cire waɗancan babu abin da ya rage. Akwai. Ka tuna mini, ranar Juma'a me ta ce maka? Ba abin da kai ka ce ba, abin da ita ta faɗa.

Nura Tela: Ba ta yi magana da yawa ba, kanta a sunkuye. Ta ce tana makarantar koyon aikin jinya, ranar Talata za su fara jarrabawa, wato gobe. Ta ce mahaifiyarta na fama da ciwon ƙafa, ita ke yin girkin dare. Kuma da ƙanenta ya kawo mini ruwa ta lura da zaren da ya maƙale a hannun rigata, ta yi murmushi ta ce an ga tela.

Anti Binta: To ka gani. Kana da abu uku a hannu kana neman aron "masoyiyata" da kowane saurayi a garin nan ke tura wa kowace budurwa. Abin da ke sa mace ta ji ɗumi a saƙo shi ne ta ga an saurare ta. Ta faɗi maganar jarrabawa sau ɗaya, a hankali, kanta a ƙasa, sai ga shi ka riƙe har da ranar. Wannan ya fi kalmar so goma, kuma babu wanda zai ce ka wuce gona da iri, domin ita ta ba ka labarin.

Ka ɗauki saƙon kamar sallama a ƙofar gida. Kana faɗin ko kai wane ne, kana faɗin abin da ya kawo ka, sannan ka ja gefe ka tsaya, ba ka leƙa ciki. Malam Sani ya kawo mana aya ta 58, a surar dai aya ta 28 ta ce in an ce muku ku koma to ku koma. Saƙo mai kyau tun a cikinsa yake nuna cewa in ba a amsa ba, mai shi zai koma ba tare da fushi ba. Gwada rubuta wani mu gani.

Nura Tela: Ga shi:

"Assalamu alaikum Malama, barka da dare. Nura ne. Ki yi haƙuri da turo saƙo a wannan lokacin, ki gafarce ni in na tashe ki, yanzu na rufe shago ne. Na tuna kin ce gobe za ku fara jarrabawa, Allah ya ba da sa'a. Ya jikin Mama? Ya girki? Ya karatu? Na ji daɗin hirarmu ta ranar Juma'a sosai. In babu damuwa, in kin yarda, in kuma ba zan takura miki ba, ina so in sake zuwa. Ki yi haƙuri. Sai da safe."

Sadiq: Kai Malam Nura, wannan ai takardar neman afuwa ce. Haƙuri biyu, gafara ɗaya, "in" uku a jere. Abin da nake gudu ke nan tun farko. Kun sa bawan Allah ya koma kamar mai neman bashi.

Hafsat: A nan kam ina bayan Yaya Sadiq. Yawan ba da haƙuri shi ma nauyi ne, domin dole in zauna in rubuta "a'a babu komai wallahi, ba ka takura mini ba." Ka faɗi dalilin lokacin sau ɗaya ya wadatar. Kuma tambaya uku a jere ga mai jarrabawa gobe, yaushe za ta amsa?

Anti Binta: Sun faɗi gaskiya su biyun. Rashin azarɓaɓi ba shi ne ƙasƙantar da kai ba. Kana da izinin mahaifinta, ba ta katanga ka shigo ba. Abin da kake so ka faɗe shi a fili, sau ɗaya, sannan ka bar mata zaɓin rana. Ga yadda ni zan gyara:

"Assalamu alaikum Zainab, barka da dare. Nura ne, telan nan mai zare a hannun riga. Yanzu na rufe shago. Na tuna gobe za ku fara jarrabawa, Allah ya ba da sa'a, ya ƙara wa Mama lafiya. Hirar ranar Juma'a ta yi mini daɗi, zan so in sake zuwa in kin gama, ranar da ta yi miki. Ba sai kin amsa yanzu ba. Allah ya tashe mu lafiya."

Zainab ɗin misali na sa, ka sa sunanta. Ku lura babu alamar tambaya ko ɗaya a ciki. Jikin Mama ya koma addu'a, wadda "amin" kaɗai ta ishe ta. "Yanzu na rufe shago" ya bayyana dalilin dare ba tare da roƙon gafara ba, ya kuma nuna mata kai mai sana'a ne ba mai zaman danna waya ba. Maganar zaren kuwa ku biyu kaɗai kuka san ta, ita ce za ta sa ta murmushi. Gayyatar tana nan a sarari, "zan so in sake zuwa", amma makullin yana hannunta.

Abu ɗaya kuma da samari ke mantawa. Wayar budurwa a gidansu ba tata ba ce ita kaɗai. Tana iya kasancewa a caji a ɗakin mahaifiyarta, ko a hannun ƙanenta yana wasa, kuma farkon saƙo yana fitowa a fuskar waya ko ba a buɗe ba. Ka rubuta abin da in Mama ce ta fara gani, za ta ce yaron nan yana da tarbiyya.

Maman Khalil: Anti, ni sunan ne ya tsaya mini. Gatsau haka "Zainab"? A wajenmu saurayi kan ce Malama ko Hajiya har sai an saba. Ni maigidana sai da aka kai kuɗin gaisuwa sannan na ji sunana a bakinsa.

Hafsat: Mu kuma yanzu in aka ce mini "Malama" a saƙo ji nake kamar daga makaranta ne. Sunana ya fi mini.

Anti Binta: Wannan ya danganta da gida. Nura, da me ka kira ta ranar Juma'a, ta kuma amsa? Ka tsaya a kansa. Kar saƙon dare ya zama wurin da za ka ƙara matsayi. In za a sauya suna, a sauya shi ido da ido da rana, inda za ka ga fuskarta.

Nura Tela: Malama na ce mata, da sunanta a haɗe.

Anti Binta: To ka haɗa su kamar yadda ka yi.

Sadiq: Ni har yanzu "ba sai kin amsa yanzu ba" bai kwanta mini ba. Kamar kana cewa amsarta ba ta dame ka ba. Kuma me zai hana ya yi mata saƙon murya? Murya ta fi rubutu shiga zuciya, kowa ya sani.

Hafsat: Saƙon murya da dare? A ɗakin da take kwana da ƙannenta? Sai ta nemo abin kunne, ko ta kara wayar a kunne tana satar saurare kamar marar gaskiya. Kuma murya ƙasa-ƙasa ta mai jin barci tana faɗin abin da kalmomin ba su faɗa ba. Rubutu dai. Amma a kan ɗaya maganar, ni ma da zai ce "da safe ma ya yi" zai fi mini taushi, yana nuna yana jira amma ba ya gaggawa.

Bashir Mai Waya: Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani. Kar ka yanka saƙon gida biyar, sallama daban, barka da dare daban. Kowane guntu ƙararsa daban, wayarta za ta yi ta kuka a ɗaki. Ka haɗa shi dunƙule ɗaya. In ka tura ka ga kuskuren rubutu, WhatsApp na ba ka minti 15 ka gyara, zai dai nuna an gyara. Amma kar ka tura ka goge. "Delete for everyone" yana barin shaida cewa an goge saƙo, kuma babu abin da ke sa zargi irin mutum ya tashi da safe ya ga an turo masa abu sha ɗayan dare an janye. Sai ta yi ta tunanin me ka rubuta. Kuma ga maslaha tsakaninka da Malam Sani: in ta saƙon waya na yau da kullum ne, a manhajar Google Messages kana iya danne maɓallin turawa ka riƙe, ya ba ka zaɓin lokaci. Ka rubuta da dare lokacin da kake da natsuwa, ya tafi shida da rabi na safe.

Malam Sani: Wannan ita ce shawarar da na fi so a duk zauren nan yau.

Hafsat: Amma Malam, addu'ar jarrabawa da daddare ta fi daɗi. Mai jarrabawar jinya gobe ba ta yi barci sha ɗaya ba, tana kan littafi, gabanta na faɗuwa. A lokacin ne saƙon zai yi mata amfani. Da safe tana sauri ba lallai ta duba ba.

Malam Sani: Ko kuma ya ɗauke mata hankali daga littafin.

Anti Binta: Duka biyun na iya faruwa, ban isa in yanke ba tunda ban san yarinyar ba. Abin da na sani shi ne abin da zai biyo baya, kuma a nan ne samari suka fi faɗuwa. Nura, in ka tura, ka kife wayar ka kwanta. Za ka iya ganin alamar ta zama shuɗiya, ka ga an rubuta "online" a ƙarƙashin sunanta, amsa ba ta zo ba. Kar ka bi da "kin yi shiru", kar ka bi da alamar tambaya, kar ka kira. Ka ce mata ba sai ta amsa yanzu ba, in ka sake turo wani bayan minti goma ka ƙaryata kanka, kuma daga ranar ba za ta ƙara yarda da wannan jimlar daga bakinka ba. Da yawa 'yan mata suna karantawa su ji daɗi, su bari sai da safe da gangan, don kar a ce suna zaune suna jira.

Amsar da safe ita za ta gaya maka inda kake. In ta ce "amin, na gode" kaɗai, ladabi ne, ba ƙi ba ne ba kuma so ba, ka bar ta ta gama jarrabawa. In ta ƙara da "ya aiki" ko ta taɓo maganar zaren, ƙofa ta buɗe. In ta faɗi rana, shi ke nan. In kuma ta ce "ka riƙa bari sai da safe", to ta yi maka babban alheri, ta gaya maka dokar gidansu, ka riƙe ta.

Sadiq: In kuma ba ta amsa ba gaba ɗaya? Ai Ustaz zai gaya muku neman izini sau uku ne.

Ustaz Kabiru: Hadisin Abu Musa ne, sau uku in ba a ba ka izini ba ka koma. Amma ba a ce ka jera ukun a dare ɗaya a wayar 'yar mutane ba, Sadiq.

Anti Binta: In kwana biyu suka wuce shiru, ya tura gaisuwa da rana, gajeriya, ba tare da ambaton saƙon farko ba. In nan ma shiru, ya koma wajen wanda ya yi masa iso ya ji ko lafiya. Wataƙila ma wayar ce aka karɓe saboda jarrabawa.

Nura Tela: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ɗauki gyaran Anti, na sa "Malama" da sunanta, na mayar da ƙarshen "da safe ma ya yi" kamar yadda Hafsat ta ce. Yau zan yi ƙoƙari in tashi daga aiki goma saura in tura, kar ya kai sha ɗaya. Malam Sani, na ji maganarka, in na wuce goma zan bari sai asuba. Saura abu ɗaya: in sa hoton zuciya ko fure a ƙarshe?

Hafsat: Zuciya a'a.

Maman Khalil: Furen ma a'a.

Sadiq: Fure ɗaya dai ba zai kashe kowa ba, haba jama'a.

Hafsat: Wane launi? In ja ne ai zuciyar ce ta sauya kaya. Ya bari ita ta fara sawa.